Yau da Umma ta cika hamsin: "na so ki" ko "ina ƙaunarki"?



Yau shirin zai ɗan bambanta da yadda muka saba. Ba maganar katin zaɓe, ba maganar kasafin kuɗi, kuma ba ni da baƙo. Ni kaɗai ne a ɗakin, sai wata takarda da na yage daga littafin rubutu. In kun ji murya ta ɗan sauya a tsakiya, ku yi haƙuri, na ce kar a yanke komai.

Yau 13 ga Fabrairu, 2026. Da mahaifiyata tana raye, yau take cika shekara hamsin cif. Allah ya karɓi abarsa a daminar 2022, wato wannan ne karo na huɗu da ranar ta zagayo ba ta nan. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan naku da suka riga mu gidan gaskiya.

Abin da nake so mu tattauna ƙarami ne a ido. Saƙon nan ne da mutum yake rubutawa ranar haihuwar mahaifinsa ko mahaifiyarsa bayan sun rasu. Kuna ganinsa a sitatus kullum. Ni na rubuta irinsa, na yi kuskure a ciki, har ya jawo mini magana a gida. Zan gaya muku yadda aka yi, sannan in karanta muku na bana.

Bari in fara da yadda ma na san ranar.

Ku duba katin ɗan ƙasa na iyayenku. Da yawanku za ku ga 1 ga Janairu. Ba wai duk an haife su ranar ba ne. Lokacin cike takarda ne aka tambaye su, suka ce ba su riƙe rana ba, mai rubutu ya sa musu farkon shekara ya wuce gaba. Iyayenmu da kakanninmu da abin da ya faru suke lissafi. Za ka ji an ce shekarar canjin hannu, wato 1972, da aka koma tuƙi a hannun dama. Ko shekarar canjin kuɗi, 1973, da naira da kwabo suka maye fam da sule. A takardun Umma ma 1 ga Janairu aka sa.

To amma kakata tana da magana ɗaya da ba ta taɓa canzawa ba. Ta ce ranar da aka kashe Murtala ta haife ta. Maza duk sun taru a gindin rediyo a ƙofar gida, ita tana ɗaki tana naƙuda, har aka rasa yaron da za a aika kiran ungozoma. Ina aji huɗu a sakandare na je na duba. Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda hotonsa ke jikin naira ashirin, an harbe shi a Legas ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976. Kuma sunan ranar da ake kiranta da shi a gidansu, na 'yan Juma'a ne. Komai ya dace. Na zo da gudu na ce Umma na gano miki bazday ɗinki. Ta kalle ni ta ce, "To sai a yi yaya?" Ta ci gaba da tankaɗenta.

Bana kuma ranar ta sake faɗowa Juma'a, kamar yadda ta zo a farko.

Ni na buɗe mata Facebook da hannuna, don malamar firamare ce, abokan aikinta suna ciki. Wurin ranar haihuwa na sa ta gaskiya. Ban san tarko na ɗana wa kaina ba. Wata shida da rasuwarta, da safe ina cikin adaidaita, waya ta yi ƙara. Na duba, sai ga sanarwa wai yau ranar haihuwarta ce, in taya ta murna. Wallahi sai da na ce wa mai adaidaitan ya sauke ni, ban kai inda za ni ba.

A bakin titin nan na rubuta saƙona na farko. Da Turanci na yi shi, kuma rabinsa ma kwafowa na yi daga irin waɗanda nake gani. Ma'anarsa dai ita ce, kin kasance uwa ta gari, na so ki ƙwarai, ki huta lafiya. Na haɗa da hoton ƙarshe da ke wayata, wanda aka ɗauka a gadon asibiti, ta rame, da robar ƙarin ruwa a hannu. Na wallafa.

Kafin azahar mutum sun fi ɗari biyu sun yi mata addu'a. Kafin la'asar kawuna, yayanta, ya kira ni. Ya ce, "Kai, wa ya ba ka izinin nuna wa duniya 'yar'uwata a wannan hali? Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa ba mayafi?" Ƙanwata kuma a makaranta wata ƙawarta ta nuna mata hoton. Ita ba ta taɓa ganinsa ba, don an hana ta shiga ɗakin a kwanakin ƙarshe. Sati biyu ba ta yi mini magana ba.

Na sauke hoton a daren. Amma da na zauna ina sake karanta rubutun, sai na ga ba hoton kaɗai ne matsala ba. Rubutun kansa ba gaskiya ba ne. Kuma inda na gano haka shi ne lokacin da na yi ƙoƙarin mayar da shi Hausa don in karanta wa kakata.

Ku gwada da bakinku yanzu. Ce "na so ki."

Me kuka ji? A Hausa, in mutum ya ce "na so in zo," kowa ya san bai zo ba. In saurayi ya ce wa budurwa "na so ki," to sallama yake yi mata, ai ta san abin da zai biyo baya shi ne "amma." Kalmar tana ɗauke da abin da ya ƙare, ko abin da bai yiwu ba. Shi kuma "na kasance ina sonki" da muke rubutawa yanzu, fassara ce kawai muka ɗauko, kuma shi ma abin da yake cewa shi ne da can ne, yanzu an daina. To ni na daina ne? Ban daina ba. Ita ce ta rasu. Ni da nake ƙaunar ina nan, da safen nan ma na ci kumallo. Mai yin aikin yana raye, aikin kuma yana gudana, to don me zan sa shi a abin da ya wuce?

Ga wani abu kuma da ban taɓa lura da shi ba sai a lokacin. Idan na ce "mahaifiyata ce," wannan "ce" ɗin ba ta da lokaci. Ba ta nuna jiya, ba ta nuna gobe. Mai Turanci dole ya zaɓa, ko ya ce tana, ko ya ce ta kasance, kuma mutane da yawa a nan suke sarƙewa in suna maganar mamacinsu. Mu harshenmu bai tilasta mana wannan zaɓin ba. Za ka nuna kabari ka ce "babana ne," kuma daidai ka faɗa. Sai dai ka ƙara "marigayi" a gaba, ka ƙara "Allah ya jiƙansa" a baya. Dangantakar tana nan yadda take.

Saboda haka ga yadda na raba abin, kuma shi nake bi har yau. Duk abin da ita ta yi, ya wuce, a abin da ya wuce zan faɗe shi: ta koyar, ta dafa, ta yi faɗa, ta yi jinya, ta rasu. Ba zan rubuta "kina nan tare da mu" ba, don ba ta nan, kuma yaudarar kai ba ta warkar da kowa. Amma duk abin da ni nake yi, yanzu nake yinsa: ina kewarki, ina ƙaunarki, ina yi miki addu'a. Nata a baya, nawa a yanzu. In ka riƙe wannan, saƙonka ba zai zama ƙarya ba, kuma ba zai zama musun mutuwa ba.

Kun lura na ce "ƙauna" ban ce "so" ba. Duka Hausa ce, amma a kunnena "ina sonki" ya fi kama da zancen ƙofar gida. Ga uwa, "ina ƙaunarki" ya fi zama a baki. Wannan zaɓina ne, ba doka ba ce.

Yanzu abin da ya fi yi mini nauyi. Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da hakan ke nufi. Umma ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. "Kai" ne, ko "wannan yaron." In na ci jarrabawa, sai ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa yayanki an gode." Ranar da na gama jami'a, mutane suna rungume-rungume, ita tana can gefe tana gyara mayafi kamar ba ɗanta ba ne. Alkunya kenan. Ni ma kuma ban taɓa buɗe baki na ce ina ƙaunarta ba. Da na faɗa, ina jin taɓa goshina za ta yi ta ji ko zazzaɓi ne.

To sai ga shi kalmar da ban iya faɗa mata tana zaune a tabarma ba, ita nake rubutawa yanzu mutum dubu su gani. Na daɗe ina tambayar kaina, wannan ba munafunci ba ne? Amsar da na tsaya a kai ita ce, ƙaunar ba sabuwa ba ce, mun daɗe muna faɗa wa juna, da wani harshe daban. Ita tana faɗa da ƙanzon shinkafar da take ɓoye mini in na yi dare. Ni ina faɗa da katin waya da nake tura mata ba ta tambaya ba. Yanzu babu wanda zai ɓoye ƙanzo, babu layin da zan tura wa kati. Hanyoyin sun toshe, kalma ce kawai ta rage. Shi ya sa take fitowa yanzu.

Na san wasunku tun ɗazu suna jira in zo kan maganar addini. Ni ba malami ba ne, kuma ba fatawa zan bayar ba. Malamai sun yi saɓani kan bikin ranar haihuwa ko ga mai rai. Da yawa suna ganin bai halatta ba, wasu suna ɗaukarsa al'ada ce in babu saɓo a ciki. Kawuna yana cikin na farko, kuma a shekara ta biyu mun zauna da shi a zaure mun yi maganar a natse. Na ce masa, Kawu, ba kek nake yankawa ba, ba taro nake tarawa ba, kuma ban ce addu'ar ranar ta fi ta sauran ranaku lada ba. Rana ce da na sani, in ta zo zuciyata takan motsa, sai in juya motsin zuwa addu'a. Ya yi shiru, ya ce shi dai ba zai yi ba, kuma yana tsoron abin da ake maimaitawa duk shekara ya koma ibada a idon yara. Na ce na ji, kuma tsoron nasa yana da tushe. Har yau bai canza ra'ayi ba, ni ma ina yi, kuma muna cin tuwo a kwano ɗaya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ranar ba, ya bar ta, ya rubuta nasa a kowace rana. Ba abin da ya rage masa.

Amma akwai abubuwan da ba a saɓa a kansu ba, kuma su ne suka ba ni ƙarfi. Hawaye ba laifi ba ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufa da maganar da ke nuna ba a yarda da hukuncin Allah ba. Kuma shekaru bayan rasuwar Nana Khadija yana ambatonta, in ya yanka dabba yana aika wa ƙawayenta. Wannan ƙauna ce da ta ci gaba bayan mutuwa, a aikace. Sannan cikin abubuwa uku da aka ce ladarsu ba ta yankewa ga mamaci, ɗaya shi ne ɗa na gari da yake yi masa addu'a. Yake yi, ba ya yi ba.

Iyakar da nake kiyayewa a rubutun ita ce wannan: ina iya cewa "ke" da "ki," kamar yadda mai ziyarar maƙabarta yake yi wa mazaunanta sallama kai tsaye. Amma ba na roƙonta komai. Irin kalaman nan na "ki ci gaba da kula da mu daga sama," ko "kin zama mala'ikanmu," daga wata al'ada muka kwafo su, ba mu tsaya mun duba ba. Ba ta kula da kowa yanzu, ita ce ke buƙatar a kula da ita. Labari nake ba ta, roƙo kuma wurin Allah nake kai shi.

Su ma masana halayyar ɗan Adam sun yi tafiya a kan wannan. An daɗe ana ganin cewa lafiyar mai makoki ita ce ya yanke igiya, ya saki mamacin, ya wuce gaba. Matakan nan biyar da kuke gani ana yawo da su, daga ƙin yarda har zuwa haƙura, daga littafin Elisabeth Kübler-Ross ne na 1969, kuma asalinsu kan marasa lafiyar da ke fuskantar mutuwar kansu ta rubuta, ba jadawali ba ne da maraya zai bi. A 1996 Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman suka fitar da wani littafi da ya nuna cewa mutane da yawa ba sa yanke alaƙa da mamacinsu, siffar alaƙar ce ke canzawa, kuma hakan ba ciwo ba ne. Don haka in wani ya ce maka "har yanzu ba ka manta ba?", ba kai ne ke da matsala ba.

Sai dai akwai inda abin ke zama ciwo, kuma ya kamata mu san alamarsa. Ranar haihuwa ko ranar rasuwa ta zo ka yi kwana biyu ko uku jikinka a sanyaye, wannan ba komai. Amma in an shekara, kuma kusan kullum kewar tana hana ka aiki ko karatu, ba ka iya barci, ka daina shiga mutane, kana jin rayuwa ba ta da ma'ana, ko kana fatan ka bi shi, to saƙo a sitatus ba zai ɗauki wannan nauyin ba. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da suna ga irin wannan doguwar jimami, kuma ana samun sauƙi in an nemi taimako. Ka gaya wa wani babba da ka yarda da shi, ka je asibiti. Zuwa asibiti ba ƙarancin tawakkali ba ne, kamar yadda jinyar da muka yi musu ba ƙarancin tawakkali ba ce.

To yanzu a aikace, in za ka rubuta naka, ga abin da shekara huɗu suka koya mini.

Kafin komai, ka tambayi kanka wa kake rubuta wa. Ni yanzu biyu nake yi. Akwai na takarda, wanda ba mai gani, a ciki nake faɗin abin da ya fi ƙarfin idon jama'a, har da haushin da nake ji cewa ta ɓoye mana ciwon ya kai shekara. Akwai kuma gajere na waje. Gwajin da nake yi wa na waje ɗaya ne: da tana zaune a gefena, zan iya karanta shi a gaban baƙi ba ta sunkuyar da kai ba? In ba zan iya ba, takarda zai koma. Sunan ciwonta, rigimar gado, abin da dangin uba suka yi ko ba su yi ba, duk ba na waje ba ne. Saƙon tunawa da aka cusa habaici a ciki ya daina zama nata, ya zama naka da abokan faɗanka.

Sai ka nemo abu ɗaya tak da ita kaɗai ce ke da shi. "Uwa ta gari, mai haƙuri, mai son zumunci," gaskiya ne, amma uwar kowa ce wannan. Ka cire sunan ka sa na wata, ba abin da zai canza. Ka nemo yadda take ɗaure kuɗi a bakin zane, ko tashar da babanka yake kamawa bayan asuba, ko kalmar da yake faɗa in ransa ya ɓaci. Abu ɗaya ƙarami ya fi sifa goma. Waɗanda suka san shi za su gan shi tsaye a gabansu, waɗanda ba su san shi ba za su ji kamar sun yi rashi.

Hoto kuma, ka tambayi 'yan'uwanka kafin ka sa, don ba kai kaɗai aka yi wa mutuwar ba. Hoton asibiti, hoton makara, hoton likkafani, ka bar su. In ita ba mai son hoto ba ce tana raye, mutuwa ba ta ba ka izini ba. Ni bana hoton allon ajinta na sa, da rubutun hannunta a jiki. Kuma tun jiya da daddare na kira ƙanwata na karanta mata, ta ce in cire layi ɗaya, na cire.

Abu biyu na waya, don kar ku faɗa ramin da na faɗa. Facebook yana da hanyar mayar da shafin mamaci na tunawa. Dangi ko aboki ya cike buƙata da shaidar rasuwa, sai kalmar Remembering ta bayyana kusa da sunan, kuma sanarwar ranar haihuwa ta daina zuwa wa mutane. Ka zama kai ne ke zuwa wa ranar da shirinka, ba ita ce ke faɗo maka a cikin adaidaita ba. WhatsApp kuma yakan goge asusun da ya yi kwana 120 ba a taɓa shi ba, layin da aka daina amfani da shi ma kamfani yakan sake sayar da shi. Wata rana za ka ga hoton baƙo a kan lambar da ka ajiye da sunan Umma. Don haka saƙonnin murya da hirarku, ka fitar da su tun yanzu, akwai Export chat, ka ajiye a wuri biyu. Ni uku kawai na tsira da su. A ɗaya cewa take in taho da tumatir.

Na ƙarshe, ka haɗa saƙon da aiki ɗaya da ba za ka ɗauki hotonsa ba. Ni aminiyarta nake zuwa gaisarwa, wadda suka yi shekara ashirin suna koyarwa tare. Ina kai mata goro da sabulu, ta yi ta ba ni labaran da ban taɓa ji ba. Ka biya wani bashi da aka manta, ka kai ruwa wani masallaci, ka ziyarci gwaggon da aka daina zuwa wurinta tun sadakar arba'in. Addu'ar mutane a ƙarƙashin rubutunka alheri ce, amma in ka kama kanka kana leƙawa kana ƙirga mutum nawa suka danna, ajiye wayar ka fita.

To, ga na bana. Wannan shi ne na waje, wanda ƙanwata ta amince da shi.

"Umma, yau Juma'a, 13 ga Fabrairu. Da yau kin cika hamsin, kuma na san abin da za ki ce: to sai a yi yaya?

"Ba a yi komai ba. Auta ta shiga aji uku, tana rubuta bakwai da ɗan layi a tsakiya irin taki, ba wanda ya koya mata. Baba har yanzu in ya shigo gida yakan yi gyaran murya a daidai ƙofar ɗakinki, sannan ya tuna. Ni kuma jiya na ƙona shinkafa, na kankare ƙanzon, na zauna na cinye shi a tsaye a kicin, ba wanda ya ɓoye mini.

"Ba ki taɓa kiran sunana ba. Sai bara aminiyarki ta gaya mini cewa a ofishin malamai ba ki da zance sai nawa, har suna tsokanarki. Na yi shekara ashirin da huɗu ban sani ba. Ni ma akwai abin da ban faɗa miki ba, kunya ta hana. Ina ƙaunarki, Umma. Ba da can ba, yau ɗin nan. Ina kewarki in an yi ruwan farko, ina kewarki in na ji ƙamshin daddawa, ina kewarki ba dalili.

"Ya Allah, baiwarka ce, ka fi mu sanin ta, ka fi mu tausayinta. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Duk yaron da ta koya wa harafi, ka sa ladar ta riske ta. Azumi ya matso, ka ba mu ikon yi mata abin da ta yi wa nata iyayen. Ka haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin."

Shi kenan. Ban gyara kuskuren "na zauna a tsaye" ba, ƙanwata ta yi dariya da ta ji, ta ce in bar shi, Umma ma da jan biro za ta zagaye shi.

Ku da iyayenku suke raye, ba zan ce ku je ku rungume su kuna "ina ƙaunarki" ba, na san gidajenmu, wani sai a ɗauka ya yi laifi ne yake neman hanya. Amma yau bayan sallar Juma'a, ka zauna kusa da ita ka tambaye ta, Umma, wace shekara aka haife ki, me ya faru a garin a lokacin? Ka kunna rikoda a waya, da saninta. Ka bar ta ta yi ta magana, ko ta kauce ta shiga labarin wata kishiyar kakarka, kar ka katse ta.

Ni zan tsaya nan, don aminiyar Umma tana jirana kafin la'asar, kuma ban sayi goron ba tukuna. Wanda ya saurara har ƙarshe, ina roƙon ya sa ta a addu'a, ya sa nasa, ya sa waɗanda ba su bar mai yi musu ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan maganarmu ta kullum.